Ɗana ya fara ɓoye wayarsa, yana kuma yi mini ƙarya kan inda yake zuwa da dare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 15. Wata uku ke nan da ya canza lambar buɗe wayarsa, da na shigo ɗaki sai ya kifa ta. Yakan fita bayan magariba ya ce zai je karatu gidan abokinsa, ba ya dawowa sai wajen ƙarfe 10. Shekaranjiya na haɗu da mahaifiyar abokin, ta ce rabonta da ganinsa a gidansu ya fi mako uku. Ban yi masa maganar ba tukuna. Mahaifinsa ya ce a ƙwace wayar a hana shi fita, wata ƙawata kuma ta ce in saka masa manhajar leƙen asiri ba tare da ya sani ba. Wanne zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Da kika danne zuciyarki ba ki tare shi da maganar cikin fushi ba, kin bar wa kanki damar da iyaye da yawa sukan ɓarar a daren farko. Shawarata ita ce kada ki ɗauki ko ɗaya cikin biyun a yanzu. Dukkansu sun karkata ne kan wayar, alhali babbar matsalar ba a cikin waya take ba.

Abu biyu ne a gabanki, nauyinsu kuma ba ɗaya ba ne. Yaro ɗan shekara 15 ya kifa waya in uwarsa ta shigo, wannan kaɗai ba shaidar laifi ba ce. A shekarun nan yaro yakan fara jin cewa akwai abin da nasa ne shi kaɗai: hirar da yake yi da abokai, yarinyar da take burge shi, hoton da ya ɗauka yana jin kunyar a gani, tambayoyin da yake nema game da jikinsa da ke canzawa. Yaron da ba ya aikata komai ma zai iya kifa waya saboda waɗannan. Amma ƙarya kan inda yake da dare, wannan magana ce ta tsaron ransa. Da wani abu zai same shi ƙarfe 9, gidan da ba ya nan za ki nufa nemansa. Saboda haka sirrin waya abu ne da za a iya yin ciniki a kansa, sanin inda yake kuwa babu ciniki. Idan kika haɗa su a faɗa ɗaya, zai riƙe maganar waya, inda yake da ɗan gaskiya, ya ce ba a yarda da shi, ana shiga masa rayuwa, sai maganar dare ta bi ruwa.

Akwai wani bincike da nake son ki riƙe, domin duk abin da zan faɗa a kansa ya ginu. A shekarar 2000 masana halayyar ɗan Adam biyu a ƙasar Suwidin, Håkan Stattin da Margaret Kerr, sun binciki yara 703 'yan shekara 14 tare da iyayensu. Suna son su gane ta ina iyayen da suka san inda 'ya'yansu suke da abokan da suke bi suke samun wannan sanin. Suka tarar mafi yawansa daga bakin yaran yake fitowa, wato abin da yaro ya faɗa don kansa ya fi abin da tambaya ko tsaurara doka take samar wa iyaye. Daga baya, a 2013, Skyler Hawk da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka bibiyi wasu matasa na tsawon shekaru, suka ga yaran da suke jin iyaye na kutsa musu kai cikin sirri sukan ƙara ɓoye-ɓoye, har sanin iyayen game da su ya ragu. Kada ki fahimci wannan a matsayin a saki yaro sakaka. Doka tana da aikinta, za mu zo kanta. Abin da yake nunawa shi ne, burinki ba kama shi ba ne, kin riga kin kama shi. Burinki shi ne faɗin gaskiya ya zame masa abu mai sauƙi fiye da ƙarya. A yanzu, a lissafinsa, ƙarya tana ba shi awa uku na walwala kullum, gaskiya kuwa yana ganin "a'a" za ta jawo masa. Wannan lissafin ne za ki canza.

Sai dai kafin komai, zauna ki yi wa kanki wasu tambayoyi, domin amsarsu za ta iya sauya duk shawarar. Kin ga sabon abu a hannunsa da ba ku kuka saya masa ba, ko kuɗin da ba ki san tushensu ba? Ko kuwa akasin haka, kuɗi na ɓata a gida, ko yana neman kuɗi cikin gaggawa ba tare da gamsasshen dalili ba? Akwai waya ta biyu ko layin da ba ki sani ba? Idan saƙo ya shigo, murmushi yake yi ya ɓoye, ko kuwa fuskarsa ce take canzawa kamar wanda ya tsorata? Wannan bambancin ki kula da shi sosai, don kunya daban, tsoro daban. Yana dawowa da jajayen idanu, ko wani wari, ko magana tana sarƙewa, ko rauni a jiki? Karatunsa ya faɗi warwas a zango ɗaya? Yana ambaton wani babba da ya girme shi da shekaru, wanda ba wanda ya taɓa gani a cikinku? Ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa? Idan duk amsar a'a ce, yana ci, yana barci, yana zuwa makaranta, yana dariya da ƙannensa, to kina da lokacin bin abin a hankali. Idan akwai i, zan faɗi abin yi a gaba.

Mu ɗauka babu ko ɗaya. Ki fara da mahaifinsa, ba da yaron ba. Ku daidaita bakinku a kan abu ɗaya kafin ku kira shi, domin in ɗaya yana ja ɗaya yana saki, yaro zai koyi wanda zai ɓoye wa da wanda zai lallaɓa. Ki nuna masa cewa kin fahimci fushinsa, an yi muku ƙarya mako uku. Amma ki ja hankalinsa kan abin da ƙwace wayar zai haifar: yaron zai ari ta aboki ya shiga asusunsa a can, ku kuma kun rasa hanya ɗaya tilo ta kiransa in yana waje. Hana fita ba tare da ranar ƙarewa ba shi ma ba ya ɗorewa. Ko ku gaji ku sake shi bayan kwana goma, ya gane maganarku ba ta da nauyi, ko shi ya fara sulalewa. Dukan yaro kuwa, in ana tunaninsa, ba abin da yake koya wa ɗan shekara 15 sai ƙwarewa wajen ɓoye sawu.

Lokacin maganar yana da tasiri. Kada ya zama a bakin ƙofa ƙarfe 10 na dare, kada kuma a gaban ƙannensa ko baƙo. Ki zaɓi rana, lokacin da ba wanda yake sauri. Idan da ɗayanku ya fi sakewa, wannan ya fara shi kaɗai.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne tambayar tarko. Uwa ta san amsa, amma sai ta ce, "Jiya ina ka je?" Yaro ya maimaita ƙaryar, ita kuma ta ce ta kama shi. Me aka samu? An ƙara ƙarya ɗaya a kan tsofaffin, an kuma ƙure shi yadda dole ya kare ta. Ki ajiye abin da kika sani a fili tun farko. Misali ki ce: "Na haɗu da maman abokinka, ta ce ka fi mako uku ba ka je gidansu ba. Don haka na san ba can kake zuwa ba, ba kuma tambayarka nake ko haka ne ba. Abin da ya hana ni barci shi ne, duk dararen nan da wani abu ya same ka ban san inda zan neme ka ba. Ina son in ji daga bakinka ina kake zuwa, da su wa." Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ki cike shi da wa'azi, ki daure. Idan ya fara kame-kame ko ya sunkuyar da kai, ki ce masa: "Ba sai yanzu ba. Ka yi tunani, gobe warhaka mu sake zama." Yaro da yawa da ba zai iya faɗa ido da ido ba zai iya rubuto saƙo, ki karɓa in ya zaɓi haka.

Ki kuma bayyana masa yadda hukuncin zai kasance tun kafin ya buɗe baki, domin abin da yake aunawa a ransa ke nan. Ƙaryar da ya riga ya yi tana da sakamakonta, wannan ba ya canzawa. Amma abin da zai faɗa yanzu ba za a ƙara masa hukunci a kansa ba. Wannan alƙawarin yana da wuyar cikawa, na sani, musamman in ya faɗi abin da ba ki so ji ba. Amma in ya faɗi gaskiya kika fashe da faɗa, kin tabbatar masa da cewa lissafinsa na farko daidai ne, kuma zai daɗe bai sake gwadawa ba.

A mafi yawan lokuta abin da yake fitowa bai kai abin da uwa take tsoro ba. A ce ya ce miki wurin kallon ƙwallo yake zuwa ko wurin wasan gem, tare da wasu yara biyu da kika taɓa cewa ba ki son ganinsa da su. To ga dalilin ƙaryar nan ya fito: ya san in ya ambaci sunansu za a hana. A nan sai ki tambayi kanki da gaske, me kika sani game da yaran nan, kin ga wani abu ne da idonki ko ji kika yi? Ki ce ya kawo su gida ki gan su. Abokin da aka sani da fuska da gidansu ya fi wanda ake haɗuwa da shi a ɓoye sauƙin sha'ani, kuma hana abota kai tsaye sau da yawa ƙara mata daɗi yake yi. Idan yarinya ce, kada ki yi dariya, kada ki kai labarin wurin 'yan'uwa. Ki ji shekarunta, da inda suke haɗuwa, da ko akwai manya a wurin, sannan ku faɗa masa iyakar gidanku a sarari. Idan kuwa ya ce ba ya son zaman gidan ne da dare saboda rigima ko takura, wannan ma amsa ce, kuma gyaranta a hannunku yake.

Bayan an ji gaskiya sai yarjejeniya, ta zama gajeriya yadda zai iya maimaita ta da ka. Duk fitar dare, abu uku za a sani kafin ya taka ƙofa: ina, da wa, ƙarfe nawa zai dawo. In shiri ya canza yana waje, saƙo ya riga shi isa sabon wurin. Sakamakon ƙaryar baya, mako biyu babu fitar dare, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Bayan nan ya koma fita, dawowa ƙarfe 9 a ranakun makaranta, kuma ki gaya masa ƙarara cewa na wata ɗaya za ki riƙa tabbatarwa: za ki iya kiran gidan da ya ce, ko ki kira shi ki ce ya ba abokin waya ku gaisa. Bambancin wannan da leƙen asiri shi ne ya sani. In wata ya cika ba a sami saɓani ba, ki rage binciken, ki ƙara masa rabin awa a ƙarshen mako. Wannan ƙarin kada ki manta da shi. Idan gaskiya ba ta saya masa komai, ba shi da dalilin ci gaba da ita. Sai abu na ƙarshe da nake roƙon duk iyaye su faɗa: duk inda ya tsinci kansa cikin matsala, ko da wurin da aka hana shi ne, ko ƙarfe nawa ne, ya kira, za a zo a ɗauke shi, magana sai da safe.

Yanzu wayar. Manhajar leƙen asiri ba na ba da shawararta, kuma dalilina ba tausayin yaro kawai ba ne. Irin waɗannan manhajoji galibi sai an kashe wasu matakan tsaron wayar kafin su shiga, suna kwashe saƙonni da hotunan yaron zuwa rumbun wani kamfani, kuma an sha yi wa irin kamfanonin kutse bayanan mutane suka watsu. Yara kuma suna ganewa, ko ta batir da yake saurin ƙarewa, ko ta ranar da bakinki ya suɓuce kika faɗi abin da ba yadda za a yi ki sani. Daga ranar kin zama mai ƙarya a idonsa, ke da kike neman ya daina. Ko binciken wayar a ɓoye ma bai cika nuna komai ba. WhatsApp yana da `Chat lock` da ke ɓoye hira, har da lambar sirri ta daban, yana da saƙonni masu gogewa da kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Wayoyin Samsung suna da kullalliyar ma'ajiya mai suna `Secure Folder`, akwai kuma manhajojin da suke kama da kalkuleta amma ma'ajiyar hotuna ce. Za ki iya duba waya tsaf ki ga babu komai, hankalinki ya kwanta a banza.

Abin da yake aiki shi ne tsari na fili. Waya ta kwana a caji a wajen ɗakin barci daga ƙarfe 10, tunda ɗan shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma tsakar dare ne lokacin da hira ta fi lalacewa. Zai fi karɓuwa in ya ga ku ma kuna ajiye taku. Sau ɗaya a mako ku buɗe `Digital Wellbeing` tare in Android ce, ko `Screen Time` in iPhone ce. A nan za ki ga manhajojin da yake amfani da su da tsawon lokacin, ba tare da karanta hirarsa ba, kuma baƙuwar manhaja ta isa ta buɗe tambaya. Lambar buɗe wayar ya rubuta a takarda a rufe a ambulan a ajiye wurinki, da sharaɗin ba za a buɗe ba sai in an ji tsoron wani abu zai same shi, kuma a gabansa. In kuna son ganin inda yake, `Live location` na WhatsApp yana ba da zaɓin minti 15 ko awa 1 ko awa 8, sai ya kunna da kansa in zai fita a watan gwajin. Amma ki sani inda waya take yake nunawa, ba inda yaro yake ba, ana iya barinta a gidan aboki a tafi. Shi ya sa sanin iyayen abokansa ya fi kowace manhaja amfani.

Idan kuwa kin ga ɗaya daga cikin alamun da na lissafa, to ba a jiran mako biyu, sirri kuma ya koma baya. A ranar za ki ce masa, "Na ga kaza da kaza, ina jin tsoro, za mu buɗe wayar nan tare yanzu." Akwai abu ɗaya da nake son ki san shi musamman, don yara maza masu shekarunsa ake yawan yi wa. Wani zai zo da hoton budurwa a Instagram ko Snapchat, ya ja yaro da hira har ya tura hoton tsiraicinsa, nan take sai barazana ta biyo baya: ka turo kuɗi ko mu aika wa 'yan'uwanka da 'yan ajinku. Yaron da yake cikin wannan yakan firgita da ƙarar saƙo, ya daina barci, ya shiga neman kuɗi ido rufe, kuma abin da ya fi hana shi faɗa shi ne kunya da tsoron za a ƙwace waya a yi masa faɗa. In haka ne, kalmarki ta farko ta zama cewa zaluntarsa aka yi kuma kuna tare da shi. Kada a biya ko sisi, biya ƙara jawo buƙata yake yi. A daina ba mutumin amsa, a ɗauki hoton saƙonnin barazanar da sunan asusun kafin a toshe shi, kada a tura hoton yaron ga kowa ko da sunan neman taimako, a kai ƙara a cikin manhajar da kuma wurin 'yan sanda. Akwai shafin `Take It Down` na NCMEC, wata cibiyar kare yara ta Amurka, kyauta ne, an yi shi don taimaka wa 'yan ƙasa da shekara 18 su hana yaɗuwar irin hotunan a dandalin da suke cikin tsarin, kuma hoton ba ya barin wayar. A kwanakin nan kada ki bar shi shi kaɗai, ki kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa yaro tunanin, sau da yawa ma ita take ba shi damar magana. In ya ce i, a ga likita a ranar. Haka ma in shaye-shaye ne ya bayyana, likita ake fara nema kafin hukunci, a san me yake sha da tun yaushe.

Ki sa a ranki cewa ko komai ya tafi daidai, akwai yiwuwar ya sake zamewa sau ɗaya, ya makara ko ya rage wani abu a labari. Ki bambance makarar minti 20 da ya turo saƙo a kanta da sabuwar ƙarya kan wuri. Ta farko a wuce ta, a ma nuna masa an ji daɗin saƙon. Ta biyu a koma farkon yarjejeniyar, mako biyu, ba tare da ninkawa ko tono tsohon laifi ba. Amma in bayan wata ɗaya da rabi ƙaryar tana nan, ko ya fara kwana a waje, ko ya ƙi faɗin inda yake zuwa ƙememe, to ku sako mutum na uku, wani babba da shi yaron yake sakewa da shi, kawunsa ko wani malaminsa, ko mai ba da shawara a makarantarsu. Ku gaya masa tun kafin ku yi, ku kuma bar shi ya zaɓa tsakanin mutum biyu ko uku da kuka amince da su.